Ina Ake Sa Karan Ɗori a Lambar Bayan Littafi?

A bayan yawancin littattafan da ake sayarwa a yau akwai wata doguwar lamba kusa da zanen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa. ISBN ake ce mata, kuma tun daga ranar 1 ga Janairun 2007 alƙalumanta 13 ne cif. Na'ura a dunƙule take karanta ta, misali 9789782345677, amma a kan takarda ana so a rubuta ta a rarrabe: 978-978-2345-67-7. Wannan lambar ƙirƙirarta na yi don misali, sai dai rabon da aka yi mata bisa ƙa'ida yake. Abin da ke ɗaure wa masu tsara shafi da ma'aikatan ɗakin karatu kai shi ne, idan aka miƙo maka lambar a dunƙule, ta yaya za ka san inda karan ɗori zai zauna?

Ƙirga alƙaluma kawai ba zai fisshe ka ba. Lambar gida biyar gare ta, kuma biyu ne kaɗai tsawonsu ba ya canzawa. Na farko alƙaluma uku ne, 978 ko 979. Na ƙarshe alƙalami ɗaya ne tak, wanda ake tantance sahihancin lambar da shi. Ukun da ke tsakiya, wato gidan ƙasa ko harshe, da gidan kamfanin ɗab'i, da gidan shi kansa littafin, su ke raba alƙaluma 9 da suka rage a tsakaninsu, kuma ba rabon daidai ake yi ba.

Da gangan aka tsara hakan. Kamar rabon gado ne a gona ɗaya: abin da wani ya ƙara, daga kason wani aka rage. Ƙasashen da ke buga littattafai da Ingilishi an ba su 0 da 1, masu Faransanci 2, masu Jamusanci 3, Japan 4, Sin 7. Alƙalami ɗaya kowannensu ya ci, saura 8 ga kamfanoni da littattafansu. Masar 977 ce, Nijeriya 978, Gana na da 9964 da 9988, Kamaru 9956, Sudan kuwa 99942. Duk wanda lambarsa ta yi tsawo, wurin da ya rage masa kaɗan ne. Hukumar ISBN ta duniya da ke Landan ce ke wannan rabo, a Nijeriya kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke yanka wa kamfanoni da marubuta nasu kason.

To bari mu bi lambar tamu daki-daki. Ka cire 978 na farko ka ajiye, ka sa karan ɗori. Abin da ya rage ya fara da 9, kuma jadawalin hukumar ya nuna cewa daga 950 zuwa 989 gidan ƙasa alƙaluma uku ne. Ke nan 978 na biyu lambar Nijeriya ce. Shi ya sa littattafanmu ke farawa da 978-978. Akwai masu tsara shafi da ke ɗaukar wannan maimaici kuskure ne har su goge ɗaya, alhali daidai yake.

Yanzu saura 234567 da kuma 7 na ƙarshe. Alƙaluma 6 ne za a raba tsakanin kamfani da littafi, kuma nan ne aikin yake. A jadawalin Nijeriya, kamfanin da lambarsa ta faɗa tsakanin 000 da 199 alƙaluma uku gare shi, wanda ya faɗa tsakanin 2000 da 2999 huɗu, daga 30000 kuma masu biyar suke farawa. Tamu ta fara da 2, saboda haka kamfanin 2345 ne, littafin kuma 67. Da a ce lambar 9789781234569 ce, tunda ta fara da 1 a wannan gurbi, sai rabon ya koma 978-978-123-456-9. Ƙasa ɗaya, tsawo ɗaya, amma karan ɗori ya matsa.

Mai lura zai iya gane girman kason kamfani daga nan. Mai alƙaluma uku ya bar wa littafi uku, wato yana da gurbin littattafai 1,000. Mai huɗu 100 gare shi, mai biyar kuwa 10 kacal, irin kason da ya dace da ƙaramin kamfani ko marubuci mai buga littafinsa da kansa.

Masu rubuta manhaja ba haddace waɗannan iyakoki suke yi ba. Hukumar Landan na fitar da fayil mai suna RangeMessage.xml, kuma kowace ƙa'ida a cikinsa kamar haka take:

```
<Range>2000000-2999999</Range>
<Length>4</Length>
```

Manhajar kan ɗauki alƙaluma bakwai da ke bayan gidan ƙasa, in ba su kai ba ta cike da sifili, ta duba tazarar da suka faɗa, sannan ta yanka daidai tsawon da aka rubuta. Idan tsawon 0 ne, ba a riga an raba wannan tazarar ba, kuma manhaja mai hankali sai ta bar lambar a dunƙule ta ba da sanarwa. Wadda za ta yi ƙiyasi ta yanka ta fi haɗari, domin ba wanda zai lura.

Jadawalin nan kuma ba a tsaye yake ba. Idan lambobin wata ƙasa suka kusa ƙarewa, akan sake yanka tazarar da ba a taɓa ba. A rukunin 0, da can daga 200 zuwa 699 duk kamfanoni masu alƙaluma uku ne, amma daga baya an gutsuro wasu sassa an mayar da su masu huɗu ko bakwai. Haka ma 979, da aka buɗe wa Faransa 10, Koriya ta Kudu 11, Italiya 12, Amurka 8. Manhajar da ke aiki da tsohon jadawali za ta raba tsofaffin littattafai daidai, ta ɓata sababbi.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa: suna zaton alƙalamin tantancewa zai kama irin wannan kuskure. Ba zai kama ba. Lissafinsa shi ne a ninka alƙaluma 12 na farko da 1 da 3 bi da bi, a tara. A lambar tamu jimilla 153 ce, abin da zai cike ta zuwa 160 shi ne 7, kuma 7 ɗin ne a ƙarshe. Wannan ya tabbatar da cewa lissafin alƙaluman ya fita, amma bai san da zaman karan ɗori ba. Ka rubuta 978-978-234-567-7, lissafi zai fita tas, alhali rabon ya nuna wani kamfanin da ba shi ba.

Tsofaffin littattafan Nijeriya na da nasu tarkon. Kafin 2007 lambar alƙaluma 10 ce, ba ta da gidan farko, don haka kai tsaye take farawa da lambar ƙasa. Misalinmu a tsohon tsari 978-2345-67-9 zai zama. Manhajar da ta ga 978 ta ɗauka gidan farko ne za ta nemi ƙasa a 2, ta mayar da littafin Kano ko Zariya na masu Faransanci. Maganin wannan shi ne a ƙirga tsawon lambar kafin a taɓa komai. A tsohon tsarin ma alƙalamin ƙarshe kan iya zama X, mai nufin 10.

Ga masu ajiye jerin littattafai a Excel, shi ma yana da nasa ɓarnar: yakan share sifilin da ke farkon tsohuwar lamba, ya kuma nuna mai alƙaluma 13 a matsayin 9.78978E+12. A mayar da gurbin zuwa Text kafin a shigar da lambobin.

Marubucin da zai kai littafinsa maɗaba'a, ya kwafi lambar yadda hukuma ta rubuta masa ita, da kowane karan ɗori a inda yake, ya kuma duba ta a shafin haƙƙin mallaka da bayan bango kafin inji ya tashi. In kuwa a dunƙule ta zo maka kuma ba ka da sabon jadawali a hannu, ka bar ta a dunƙule, domin kanti da ɗakin karatu duk za su gane ta a haka.