Watanni Uku da Suka Ɓace a Dutsen Mauna Loa

A watan Maris na 1958, masanin kimiyya Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon dayoksaid a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawaii. A lokacin yawanta bai wuce kashi 315 cikin miliyan ba da yawa. Yau ya haura 420. Zanen layin da ke nuna wannan hauhawa ya zagaye duniya, yana hawa yana sauka kamar haƙorin zarto, domin iskar takan kai ƙololuwa a Mayu, ta yi ƙasa wajen Satumba ko Oktoba bayan tsirrai sun sha rabonsu.

Amma layin yana da giɓi. A Fabrairu, Maris da Afrilu na 1964 ba a samu awo ba, saboda aikin ya shiga matsalar kuɗi. To, me mai zane zai yi da waɗannan watanni uku?

Mafi sauƙi shi ne ya katse layin a Janairu, ya ci gaba a Mayu. Wannan ita ce gaskiya tsagwaronta: mai karatu ya ga fili, ya san ba a auna ba. Sai dai idan giɓin ya yi yawa, zanen yakan koma gutsuttsari, kuma awon da ya zo shi kaɗai tsakanin giɓi biyu yakan ɓace ɓat, tunda layi sai da ɗigo biyu. Shi ya sa ake sa ɗan ɗigo a kan kowane awo.

Ana kuma iya cike giɓin da ƙiyasi. A Janairun 1964 awon ya kama kimanin 319.6, a Mayu kuma kimanin 322.3. Bambancin 2.7 ne, a taki huɗu, wato kusan 0.7 kowane wata. Sai Fabrairu ya samu 320.3, Maris kusan 321, Afrilu 321.6. A nan ƙiyasin ba zai kauce da nisa ba, domin iskar tana sauyawa ne sannu a hankali, kuma daga Janairu zuwa Mayu hawa take yi kowace shekara.

A gwada wannan dabara a kan ruwan sama na Kano, nan take za ta ba da kunya. Idan littafin ma'aunin ruwa ya rasa watan Agusta, aka ja miƙaƙƙen layi daga Yuli zuwa Satumba, an sare kan damina ke nan, domin galibi a Agusta ne ruwa ya fi zuba. Layin zai fito sumul, babu alamar rauni, alhali ya ɓoye watan da manomi ya fi son sani. Wannan ne haɗarin ƙiyasi: ba ya kama da ƙiyasi. Don haka duk wanda ya cike giɓi, wajibi ne ya bambanta wurin, ko da layi mai ɗigo-ɗigo, ko da launi mai haske, tare da gajeren bayani a ƙasan zanen.

Kuskuren da ya fi ɓarna kuwa shi ne mayar da giɓi sifili. Sifilin ruwa a Janairun Kano awo ne na gaske, an duba ba a ga ko ɗigo ba. Gurbin da babu komai cikinsa kuwa cewa yake ba a duba ba. A jerin alƙaluman Mauna Loa an sha rubuta `-99.99` a madadin watan da babu awo. Wanda ya kwashe su ya zana ba tare da ya tace ba, zai ga layinsa ya faɗa rami ya sake fitowa. Irin wannan faɗuwa ta farat ɗaya, mai komawa daidai inda ta taso, ita ce alamar a koma a duba lambobin.

Masu aiki da Excel suna da zaɓin a ƙarƙashin `Hidden and Empty Cells`: `Gaps` yana katse layi, `Zero` yana jan sa ƙasa, `Connect data points with line` yana haɗa bakin giɓin biyu. Akwai tarko guda: gurbin da lissafinsa ya dawo da `""` ido yana ganinsa fanko, amma zanen sifili yake ɗaukarsa.

A ƙarshen Nuwamba 2022 dutsen ya yi aman wuta, ya yanke hanya da lantarkin tashar awon. Hukumar NOAA ta Amurka ta kai na'ura dutsen Maunakea da ke maƙwabtaka a Disamba, ta ci gaba da awo daga can har zuwa Yulin 2023, ta kuma rubuta ƙarara a jikin bayananta cewa alƙaluman waɗannan watanni daga wani dutsen suka fito.