Yadda hauhawar farashi ke cinye fansho, da abin da ƙarin kuɗi ke iya gyarawa

A garin Haɗeja da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi, irin su Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Guri da Kiri Kasamma, manomin shinkafa da masunci da ɗan kasuwa duk suna da hanyar da suke bin tsadar rayuwa. Idan kuɗin taki ko na mota ya tashi, sai su ƙara wa hajarsu kuɗi. Ɗan fansho ba shi da wannan dama. Adadin da aka yanka masa ranar da ya ajiye aiki shi zai ci gaba da karɓa duk wata, har sai ranar da hukuma ta ga dama ta sake dubawa. Kuɗin ba ya raguwa a takarda, amma abin da yake iya saye yana raguwa kullum.

Jihar Jigawa ta yi suna wajen biyan fansho a kan kari. Tun shekarar 2001 ta kafa tsarin fansho na karo-karo, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnati kuma ta zuba kashi 17. Idan mutum ya yi ritaya, ana lissafa masa fansho ne bisa albashinsa na ƙarshe da yawan shekarun da ya yi yana aiki. Wannan tsari ya magance matsalar jinkirin biya da ta addabi jihohi da dama. Sai dai akwai tambayar da biya a kan kari ba ya amsawa: kuɗin da ke shigowa yau, nawa ne darajarsa idan aka kwatanta da ranar da aka yanka shi?

Lissafin shekara biyar

A ɗauki misalin malamin firamare a Haɗeja da ya yi ritaya a watan Disambar 2019, aka yanka masa Naira 50,000 a wata, kuma a ɗauka ba a ƙara masa ko kwabo ba har Disambar 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, sun nuna cewa a Disambar 2020 farashin kayayyaki ya haura na shekarar da ta gabata da kashi 15.75 cikin 100. A 2021 ya ƙaru da kashi 15.63, a 2022 da kashi 21.34. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni, hauhawar ta kai kashi 28.92 a ƙarshen 2023, sannan ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024.

Wanda ya tara waɗannan alƙaluma biyar zai sami kusan kashi 116, amma ba haka lissafin yake ba. Kowane ƙari yana hawa ne a kan farashin da ya riga ya tashi, kamar yadda ruwan bashi ke haihuwa a kan ruwa. Kayan da ake saye Naira 100 a ƙarshen 2019 sun koma kusan Naira 116 a 2020, sai 134, sai 162, sai 209, har suka kai kusan Naira 282 a ƙarshen 2024.

Ma'anar wannan ga malamin ita ce, domin ya ci gaba da yin cefanen da yake yi da Naira 50,000 a watan da ya ajiye aiki, yana buƙatar kusan Naira 141,000 a Disambar 2024. Idan aka juya lissafin, Naira 50,000 da ke hannunsa tana sayen abin da Naira 17,700 ke saye a 2019. Kusan kashi biyu cikin uku na fanshonsa ya tafi, alhali babu wanda ya zaftare masa komai, kuma babu watan da aka hana shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane saurin wannan zaizaya. A raba 70 da adadin hauhawar farashi na shekara, amsar ita ce kimanin shekarun da kuɗi zai yi kafin ya rasa rabin darajarsa. Idan hauhawar tana kashi 14, shekara biyar ke nan. Idan ta kai kashi 35, shekara biyu da 'yan watanni sun isa.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a bakin kogi

Alƙaluman NBS matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kuma sun haɗa abinci da haya da sufuri da tufafi da sauransu. Dattijo mai ƙaramin fansho kuwa, yawancin kuɗinsa a abinci da magani yake ƙarewa. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci kaɗai ta wuce kashi 40 cikin 100. Don haka tsadar da yake ji a jikinsa takan zarce wadda ake sanarwa.

Zama a yankin noma ma ba kullum yake kare mutum ba. Fadamar Haɗeja tana ciyar da kasuwanni masu nisa da shinkafa da alkama da kifi, saboda haka farashin cikin gari yana bin abin da fatake daga Kano da sauran wurare suka taya. A shekarun da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, gonaki sun nutse kuma hanyoyi sun yanke. A irin wannan shekara, ɗan fanshon da ya saba cike giɓi da ɗan abin da ya noma yakan koma sayen mudu a kasuwa, daidai lokacin da mudun ya fi tsada.

Abin da doka ta tanada

Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya san da wannan matsala. Sashe na 173 ya shafi ma'aikatan tarayya, sashe na 210 kuma ya shafi na jihohi. Dukansu sun ce a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa a cikin biyun. Amma sassan ba su faɗi adadin ƙarin ba, ba su kuma ɗaure shi da alƙaluman farashi ba. Umarnin na sake dubawa ne kawai, yawan abin da za a ƙara yana hannun gwamnati.

A Amurka, tun 1975 kuɗin tsofaffi na gwamnati yake ƙaruwa da kansa duk shekara bisa ma'aunin farashi, ba tare da jiran kwamiti ba. Shi ya sa aka ƙara musu kashi 8.7 cikin 100 a farkon 2023, bayan tsadar da aka yi a 2022. Bambancin duba na shekara-shekara da na shekara biyar yana fitowa sarai a misalin malamin Haɗeja. Da ana daidaita fanshonsa da farashi a kowace Janairu, da a 2024 yana karɓar kusan Naira 104,700. Har a hakan, kafin shekarar ta ƙare kuɗin zai koma sayen kashi 74 cikin 100 na abin da ya saba, domin ƙarin yana biyan tsadar bara ne, ta bana kuma tana ci. Amma kashi 74 ya yi nisa da kashi 35 da ya rage masa a tsarin jira.

Ko da a shekara ta biyar an ɗaga fanshon zuwa Naira 141,000 cif, wannan gyara na gaba ne kawai. Bashin da ya ci a wajen mai shago, da akuyar da ya sayar, da maganin hawan jini da ya riƙa tsallakewa a cikin watanni sittin ɗin, babu wanda zai mayar masa da su. Haka kuma kuɗin ariya. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 a Afrilun 2019, amma ƙarin fanshon tarayya da ya biyo bayanta sai a 2021 aka amince da shi. An biya cikon watannin baya, sai dai kowace Naira ta Afrilun 2019 ta riga ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajarta kafin ta iso hannun mai ita.

Ƙarin kaso da ƙarin bai-ɗaya

Ƙari iri biyu ne. Akwai na kaso, kamar kashi 20 zuwa 28 cikin 100 da Gwamnatin Tarayya ta amince wa 'yan fanshonta na tsohon tsari daga Janairun 2024. Akwai kuma na bai-ɗaya, kamar Naira 32,000 da aka ƙara wa kowannensu bayan mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a Yulin 2024. Waɗannan na tarayya ne, ba sa hawa kan ɗan fanshon jiha sai jiharsa ta yi nata, amma suna nuna yadda kowane iri ke aiki.

Ƙarin kashi 20 zai kai fanshon malamin Naira 60,000, wanda bai kai rabin Naira 141,000 da yake buƙata ba. Ƙarin bai-ɗaya kuwa ya fi amfanar na ƙasa. Mai karɓar Naira 20,000 a 2019 yana buƙatar kusan Naira 56,400 a ƙarshen 2024, kuma Naira 32,000 za ta kai shi 52,000, ya kusa komawa inda yake. Mai karɓar Naira 150,000 kuwa zai koma 182,000, alhali buƙatarsa ta haura Naira 420,000. Ƙarin bai-ɗaya yana tsamo talaka daga yunwa, amma yana matse tazarar da ke tsakanin tsohon darakta da tsohon masinja.

Kowane iri aka zaɓa, sai an samo kuɗinsa. Asusu irin na Jigawa yana rayuwa ne da kashi 25 ɗin da ke shigowa daga albashi da kuma ribar jarin da ya zuba. Idan ribar jarin ba ta kai hauhawar farashi ba, ajiyar asusun ita ma zaizayewa take yi. Ƙara fansho ba tare da ƙarin kuɗin shiga ba na iya jefa biya a kan kari, wanda shi ne abin alfaharin tsarin, cikin haɗari.

Yadda za a auna kowace sanarwa

A farkon 2025 NBS ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024, sai adadin hauhawar watan Janairu ya sauko zuwa kashi 24.48. Saukar wannan adadi ta samo asali ne galibi daga sauyin ma'aunin, ba wai farashi ya koma inda ya fito ba. Giɓin da aka haƙa tsakanin 2019 da 2024 yana nan.

Saboda haka idan aka sanar da ƙarin fansho, tambaya uku ke nuna ainihin darajarsa. Tun yaushe rabon a yi ƙari? Da nawa farashi ya tashi daga lokacin zuwa yau? Yaushe kuɗin zai shiga asusun mai shi? Ɗan fansho na iya amsa ta biyun da kansa, idan ya kwatanta yawan mudun gero ko na shinkafa da fanshonsa ke saye a watan da ya yi ritaya da yawan da zai saya bayan ƙarin. Ma'aikacin da ke shirin ajiye aiki kuma ya kamata ya yi wannan lissafi tun yanzu, kafin ya yanke shawarar abin da zai yi da kuɗin giratutinsa, domin adadin da za a yanka masa a watan farko shi ne mafi daraja da zai taɓa karɓa muddin ba a ɗaure fansho da farashi ba.