Yadda kwamfuta ke ɓatar da mutum a tsakiyar hoto

A ɗauki hoton mutum biyu a layi, ɗaya ya ɗan shiga gaban ɗaya, a bai wa manhajar da ke gano abubuwa a hoto. Sau da yawa za ta zana akwati ɗaya tak, ta ce mutum guda ne. Mai kallo zai ɗauka manhajar ba ta ga na biyun ba. Gaskiyar magana ita ce sau tari ta gan shi, har ta zana masa akwati, sannan a matakin ƙarshe ta goge akwatin da kanta. Wanda ke son ya fahimci dalilin haka sai ya san abubuwa uku da ke aiki a cikin irin wannan manhaja: yadda take auna dacewar akwati da akwati, inda take samo akwatunan tun farko, da yadda take zaɓen wanda za ta bari.

Awon shi ne tushen komai. Idan ana koyar da manhaja, mutum ne ke fara zana akwatin gaskiya a kan abin da ke hoton. Manhaja ta zana nata, sai a tambaya: nawa suka dace? Ana lissafa girman wurin da akwatunan biyu suka hau kan juna, a raba shi da girman duk wurin da suka rufe a haɗe. Masu aikin suna rubuta wannan awo da IoU.

```
IoU = I / (A + B - I)
```

A da B su ne girman akwatunan biyu, I kuma girman wurin da suka haɗu. Ana cire I sau ɗaya don kada a ƙirga tsakiyar sau biyu. Sakamakon yana tsakanin 0, idan ba su taɓa juna ba, da 1, idan sun zauna daram a kan juna. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin Paul Jaccard, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi amfani da ita a farkon ƙarni na 20 wajen kwatanta ire-iren tsirran da ke yankuna daban-daban.

Mu ce akwatin gaskiya yana da faɗin fiksel 100 da tsawon fiksel 100, wato ɗigon hoto 10,000. Manhaja ta zana nata daidai wannan girma, amma ya goce dama da fiksel 20. Wurin haɗuwarsu 80 sau 100 ne, wato 8,000. A haɗe sun rufe 12,000. Awon ya zama 0.67. To in ya ƙara gocewa ƙasa da wani fiksel 20 fa? Haɗuwar ta koma 80 sau 80, wato 6,400, a raba da 13,600, a sami 0.47. Ido zai ga akwatin nan ya kama abin sarai, amma a gasar PASCAL VOC, wadda ta daɗe tana zama ma'aunin wannan fanni, duk akwatin da bai wuce 0.5 ba kuskure ne. Gasar COCO ta fi tsanani, tana gwadawa daga 0.5 har zuwa 0.95 sannan ta fitar da matsakaici.

Awon nan yana matsa wa ƙananan abubuwa lamba ƙwarai. Gocewar fiksel 4 a babban akwatinmu tana ba da 0.92, kusan babu laifi. Gocewar fiksel 4 ɗin nan a akwati mai faɗi da tsawon fiksel 10, misali kan mutum daga nesa, tana ba da 0.43. Wannan na cikin dalilan da suka sa makin manhajoji kan ƙananan abubuwa yake zama ƙasa da na manya.

To daga ina akwatunan suke fitowa? Manhajoji da yawa ba sa ƙirƙiro akwati daga babu. A 2015 Shaoqing Ren da Kaiming He da Ross Girshick da Jian Sun suka fitar da Faster R-CNN, wadda ta yaɗa dabarar akwatunan tushe, waɗanda masu aikin ke kira anka. Ana shimfiɗa raga a kan hoto, a kowane ido na ragar a ajiye akwatuna tara da aka tsara tun kafin a ga hoton: girma uku, 128 da 256 da 512, kowanne a siffa uku, mai kusurwa daidai da mai tsayi da mai faɗi. A hoto mai faɗin fiksel 1,000 da tsawon 600, wannan yana ba da akwatuna kusan 20,000. Abin ya yi kama da telan da ya ɗinka riguna iri-iri ya rataye: in mai saye ya zo, sai a ɗauko wadda ta fi kusa da jikinsa, a rage hannu, a ƙara tsawo. Aikin manhaja a kan kowane akwatin tushe kashi biyu ne. Ta faɗi ko akwai abu a ciki, sannan ta ba da lambobi huɗu na gyara: a matsa gefe, a matsa sama ko ƙasa, a ƙara ko a rage faɗi, a ƙara ko a rage tsawo.

Lokacin koyarwa, awon IoU ne ke raba aiki. A Faster R-CNN, akwatin tushen da ya dace da akwatin gaskiya fiye da 0.7 ana ce masa akwai abu a cikinsa. Wanda bai kai 0.3 da kowane abu ba ana ce masa fanko ne. Na tsakani ana ƙyale su. Matsalar da ke nan a fili take. Idan abin da ake nema siriri ne ƙwarai kamar turken wutar lantarki, ko ƙarami ƙwarai, babu akwatin tushen da zai kai 0.7, sai dai a ba shi wanda ya fi kusa ko da bai dace sosai ba, koyon ya yi rauni. Shi ya sa masu YOLOv2 suka daina zaɓen siffofin da ka. Suka tattara akwatunan gaskiya da ke cikin hotunan koyarwa, suka kasa su rukuni-rukuni, suka fitar da siffofi biyar da suka fi yawa.

Sai dai wannan yalwa tana da farashi. Mutum ɗaya a hoto yana iya faɗawa cikin akwatunan tushe da dama, kowanne ya gyara kansa ya ce ga mutum nan. Dole a tace su, kuma hanyar tacewar da aka fi amfani da ita, wadda ake rubutawa NMS, mai sauƙi ce. A jera akwatunan bisa makin tabbaci da manhaja ta ba kowanne. A ɗauki na sama a ajiye. Duk wanda ya hau kansa fiye da wata iyaka da aka ƙayyade, a goge shi, a kan cewa maimaici ne. A ɗauki na gaba cikin waɗanda suka rage, a sake yin haka har su ƙare. Yawanci ana yin wannan ga kowane jinsi daban, don akwatin mutum kada ya goge akwatin babur da yake kai.

Ga mutanenmu biyu na layi. Manhaja ta fitar da akwatuna huɗu masu girma ɗaya, faɗin fiksel 100, duk a jere ɗaya, bambancinsu kawai inda kowanne ya fara daga hagu. Na farko ya fara a 100 da maki 0.92, kuma shi ne mutumin gaba. Na biyu ya fara a 110 da maki 0.85, maimaicin na farko ne. Na uku ya fara a 130 da maki 0.80, shi ne mutumin baya. Na huɗu ya fara a 72 da maki 0.60, shi ma maimaicin mutumin gaba ne da ya goce hagu. Idan aka auna kowanne da na farko, na biyu 0.82 ne, na uku 0.54, na huɗu 0.56.

A sa iyaka a 0.5, duka ukun sun tafi, har da mutumin baya da manhaja ta gani da tabbacin 0.80. An ƙirga mutum ɗaya. A ɗaga iyakar zuwa 0.6, mutumin baya ya tsira, amma na huɗu ma ya tsira, an ƙirga mutum uku alhali biyu ne. A kusa da 0.55 ne kaɗai aka sami amsa daidai, kuma da zarar ɗayansu ya ɗan matsa, wannan lambar ma ta daina aiki. A nan ne ainihin raunin yake: matatar ba ta kallon hoton ko kaɗan. Akwatuna da maki kawai take gani, ba ta da hanyar bambance maimaici da maƙwabci.

A 2017 Navaneeth Bodla da abokan aikinsa suka kawo Soft-NMS, wadda ke rage makin akwati maimakon goge shi. A ɗaya daga cikin hanyoyinta, idan hawan ya wuce iyaka, ana ninka makin da abin da ya rage bayan an cire IoU daga 1. A zagayen farko mutumin baya zai sauko zuwa 0.37, na huɗu zuwa 0.26, na biyu zuwa 0.15. In aka yanke a 0.3, an sami mutum biyu. Gyara ne mai amfani, amma a ganina bai kawar da cutar ba, ya dai mayar da shawarar daga wata iyaka zuwa wata. Waɗanda suka tunkari tushen su ne masu DETR, da masu bincike na Facebook suka fitar a 2020. Ita babu akwatunan tushe, babu matata. Tun a wajen koyarwa ake haɗa kowane abu da akwati ɗaya tak, don manhajar ta koyi barin maimaici da kanta. Farkon fitowarta ta buƙaci dogon lokacin koyarwa, kuma ba ta yi ƙarfi a kan ƙananan abubuwa ba.

Yawancin manhajojin da ke hannun mutane har yanzu da matata suke aiki, kuma ana iya gano inda laifi yake ba tare da wahala ba. A sa manhaja ta nuna akwatunanta kafin tacewa. Idan wanda ya ɓace yana da akwati a wurin, matata ce ta goge shi, sai a duba iyaka. Idan babu akwatin tun farko, laifin na akwatunan tushe ne ko na hotunan koyarwa, kuma taɓa iyaka ba zai dawo da shi ba. Alamar iyakar da ta yi ƙasa ita ce mutane su riƙa ɓacewa inda aka cunkushe amma su fito ras inda suke warwatse. Alamar wadda ta yi sama ita ce akwatuna biyu ko uku a kan mutum guda.

Saboda haka, mai karatu, in aka kawo maka manhajar da aka ce tana ƙirga jama'a a kasuwa ko shanu a garke ko motoci a kan titi, kada ka gamsu da hotunan da kowa ya tsaya shi kaɗai. Ka nemi a gwada ta a hoton da ya fi cunkoso, ka ƙirga da idonka, ka kwatanta, sannan ka tambayi iyakar da aka sa mata da kuma irin hotunan da aka yi amfani da su wajen zaɓen ta.