Me ya sa lissafin kashi cikin ɗari ke rikicewa idan an fara daga sifili ko daga asara?

A ƙarshen kowace shekara 'yan kasuwa kan duba littafin ciniki, ma'aikatan gwamnati kuma su haɗa rahoton kashe kuɗi, kuma kusan kowa yakan so ya san da kashi nawa cikin ɗari abu ya ƙaru ko ya ragu. Hanyar lissafin sananniya ce: a cire adadin bara daga na bana, a raba abin da ya saura da adadin bara, sannan a ninka da 100. Mai kantin da ya ci ribar naira 400,000 bara, bana kuma ya ci naira 500,000, ya samu ƙarin naira 100,000, wato kashi 25 cikin ɗari.

Abin lura shi ne adadin bara shi ne mudun da ake awo da shi. Tambayar da lissafin ke amsawa ita ce: wannan ƙarin, mudu nawa ne na abin da aka fara da shi? Muddin mudun yana da girman da za a iya kamawa, amsar tana da ma'ana. Matsala tana kunno kai ne idan babu mudun gaba ɗaya, ko kuma idan abin da ke cikinsa bashi ne.

A ɗauka wata ma'aikata ba a ware mata ko sisi ba don gyaran rijiyoyin burtsatse a kasafin bara, bana kuma aka ware naira miliyan 50. Ƙarin a fili yake, miliyan 50 ne. Amma mataki na gaba yana buƙatar a raba miliyan 50 da sifili, wannan kuwa ba shi da amsa. Dalilin ba mai wuya ba ne. Ana cewa 12 a raba da 3 ya ba da 4 ne saboda 4 sau 3 yana mayar da 12. To wace lamba ce za a ninka da sifili ta ba da miliyan 50? Babu ita, domin duk abin da aka ninka da sifili sifili yake komawa. Shi ya sa manhajar Excel, idan aka rubuta mata wannan tsari alhali gidan A2 sifili ne, sai ta nuna #DIV/0! maimakon lamba:

```
=(B2-A2)/A2
```

A nan ne akawu da yawa kan yi kuskure. Don kada shugaba ya ga alamar matsala a cikin jadawali, sai a goge ta a rubuta kashi 100. Amma ƙarin kashi 100 yana nufin abu ya ninka kansa sau biyu, kamar daga miliyan 25 zuwa miliyan 50. Sifili kuwa ko an ninka shi sau dubu ba ya zama miliyan 50. Wanda ya karanta rahoton zai ɗauka an ba aikin rabin wannan kuɗi bara, alhali ba a ba shi komai ba. Gaskiyar da ya kamata a rubuta a wurin ita ce sabon kaso ne na naira miliyan 50.

Kusa da sifili ma ba a tsira ba. Da a ce naira 500,000 aka ware bara, lissafin zai fita, amma zai ba da ƙarin kashi 9,900 cikin ɗari. Adadin daidai ne a lissafe, sai dai labarin ƙanƙantar kuɗin bara yake bayarwa fiye da girman na bana.

Batun asara ya fi wannan haɗari, domin a can na'ura ba ta yin gargaɗi. Amsa take bayarwa cikin natsuwa, amsar kuma a juye take. A ɗauki mai sayar da atamfa da ya yi asarar naira 200,000 bara, bana kuma ya farfaɗo ya ci ribar naira 100,000. Tazarar da ya ci gaba da ita naira 300,000 ce: dubu 200 na cike ramin, dubu 100 na riba. Amma a lissafi asara lamba ce da ke ƙasa da sifili, ana rubuta ta -200,000. Idan aka raba 300,000 da -200,000 aka ninka da 100, amsar ita ce -150, wato wai kasuwancinsa ya ragu da kashi 150 cikin ɗari a shekarar da ya fita daga asara.

Maƙwabcinsa kuma, wanda asararsa ta tashi daga naira 200,000 zuwa naira 500,000, bambancinsa -300,000 ne. Da aka raba da -200,000, alamomin ragin biyu sun kashe juna, sai amsa ta fito ƙarin kashi 150 cikin ɗari. Wanda ke nutsewa ya samu lambar yabo, wanda ya tsira ya samu ta zargi. Jami'in banki da ya dogara da wannan layi kaɗai wajen duba takardun neman rance zai iya fifita wanda bai kamata ba.

Irin wannan ya faru a idon duniya a watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da buƙatar man fetur, rumbunan ajiya a garin Cushing na jihar Oklahoma ta Amurka kuma suka kusa cika. Ranar Juma'a 17 ga wata, farashin gangar ɗanyen man West Texas Intermediate da za a miƙa a watan Mayu ya rufe a dala 18.27. Ranar Litinin 20 ga wata ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili, ma'ana mai sayarwa ne ke biya don a karɓi man. Faɗuwar ta kai kusan kashi 306 cikin ɗari, kuma wannan yana lissafuwa tun da an fara ne daga adadi na sama da sifili. Washegari farashin ya dawo dala 10.01, hauhawar dala 47.64 a yini guda. Amma duk wanda ya sa waɗannan alƙaluma cikin tsarin da aka saba, zai ga ragin kusan kashi 127 cikin ɗari.

Wasu kan gyara ta hanyar watsar da alamar ragin adadin farko kafin su raba. Hakan yana daidaita alkiblar amsar, mai atamfa ya samu ƙarin kashi 150. Sai dai girman lambar har yanzu ba abin dogaro ba ne. Wani ɗan kasuwa da asararsa ta bara naira 20,000 ce kacal, shi ma ya ci ribar naira 100,000 bana, zai samu kashi 600 cikin ɗari, duk da cewa naira 120,000 kawai ya motsa, shi kuwa mai atamfa naira 300,000.

Abin da ya fi shi ne a faɗi adadin biyu a naira, tare da tazarar da ke tsakaninsu: daga asarar naira 200,000 zuwa ribar naira 100,000. Idan lallai ana son kashi cikin ɗari, sai a sauya mudu zuwa abin da ba ya sauka ƙasa da sifili, kamar jimillar ciniki. In mai atamfa ya yi cinikin naira miliyan 4 bara, asararsa kashi 5 ce cikin ɗari na cinikin. In bana ya yi na miliyan 5, ribarsa kashi 2 ce. Ya ci gaba da maki 7 ke nan, kuma ana iya kwatanta wannan da na kowane kanti a layinsu.

Ga masu aiki da Excel, ana iya umartar manhajar ta yi lissafin ne kawai idan adadin farko ya haura sifili, in ba haka ba ta bar gidan fayau:

```
=IF(A2>0,(B2-A2)/A2,"")
```

Gidan da aka bari haka sai a rubuta masa bayani a gefe, ko sabon kaso ne, ko kuwa an fito ne daga asara, tare da adadin kuɗin a naira.