Baya 13 Pro, ciki XR: yadda ake gane waya daga jikinta

Gogaggen mai gyaran waya ba ya jiran a kunna masa iPhone kafin ya faɗi sunanta. Yana juya bayanta, ya shafa gefenta, ya leƙa ramin caji, shi ke nan ya gama. Ba duba yake yi ba. Kamfanin Apple yakan sauya wani abu a jikin wayar kusan kowace shekara, kuma wanda ya san waɗannan sauye-sauye da wuya a yi masa rufa-ido wajen sayen Landan yus.

Da idon kyamara ake farawa. iPhone XR ta 2018 ido ɗaya gare ta. iPhone 11 ta 2019 da iPhone 12 ta 2020 suna da ido biyu, ɗaya a saman ɗaya, cikin wani tudu mai kusurwa huɗu. A iPhone 13 ta 2021 sai aka karkata su, ɗaya a sama ta hagu, ɗaya a ƙasa ta dama, kuma haka aka bar su a 14 da 15. Ido uku kuwa alamar Pro ce tun daga 11 Pro.

Kyamara tana rage yawan zato ne kawai, sauran aikin na gefe da ramuka ne. Gefen 11 zagayayye ne, na 12 kuma shafaffe ne mai kaifin baki, har ana iya tsayar da ita a kan tebur. Wurin sa sim ma ya bambanta: a 11 da waɗanda suka gabace ta har zuwa iPhone 4 yana gefen dama, daga 12 ya koma hagu. Idan aka ga ido biyu a karkace, sai a duba ramin caji. In USB-C ne, irin na wayoyin Android na yanzu, to 15 ce ta 2023. In siririn ramin Lightning ne, ko 13 ce ko 14. Maɓalli ma yana magana, domin a 15 Pro ne aka cire ɗan makunnin da ake turawa a kashe ƙara, aka sa maɓallin dannawa a gurbinsa.

Amfanin wannan sani ya fi fitowa a kan wata sana'a da ta yaɗu a kasuwannin waya: a kwashe kayan cikin XR a zuba su cikin sabon gida mai kamar 13 Pro. Wasu masu sayarwa suna faɗin gaskiya, wasu kuwa sai su yi shiru su karɓi kuɗin babbar waya.

A ce an miƙo wa mai saye irin wannan. Bayanta ido uku ne, gefenta shafaffe, ba abin zargi. To amma injin XR ne a ciki, kuma shi yake tsara inda komai zai zauna. Saboda haka galibi za a tarar da wurin sim a dama, alhali na 13 Pro ta ainihi a hagu yake. Da an juyo fuskarta kuma, baƙin layin da ya kewaye sikirin zai yi kauri, don XR sikirin LCD gare ta, 13 Pro kuwa OLED mai siririn baki. Baƙin wurin nan na sama da kyamarar gaba take ciki shi ma ya fi faɗi a XR.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin kyamarar kanta. A buɗe ta a duba ƙasan hoton. 13 Pro tana nuna zaɓi uku, wato .5 da 1x da 3, saboda kowane ido da aikinsa. XR ba ta da .5 balle 3. Sannan a rufe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A wayar da aka sauya wa gida, ɗaya kaɗai zai sa hoton ya yi duhu, sauran biyun kwalliya ce.

Duban jiki yana da iyaka. 13 da 14 sun yi kama ƙwarai, ko da yake 14 da aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da wurin sim sam, eSIM kawai take ɗauka. Haka iPhone SE ta 2020 da ta 2022, da ido ba a raba su cikin sauƙi. Shi ya sa bayan an gama da jiki ake shiga Settings, sannan General, sannan About, a karanta Model Name. A kuma danna *#06# a gwada lambar IMEI da ta kan kwali. Idan abin da jiki ya nuna ya saɓa da abin da sikirin ya rubuta, kada mai saye ya biya sai wani mai gyara da ya amince da shi ya duba wayar.