Na ƙara fitilu da sauti a mota, sai jar fitilar batir ta kama

Ni ɗan Maiduguri ne, mahaifina dillali ne a Kasuwar Shanu, ni ke tuƙa shi a tsohuwar motarmu idan za mu ƙauyuka saye. Bara na sa mata fitilu huɗu a gaba, kowacce wat 100, na ƙara da amfilifaya da babbar sifika a but. Sati uku ba a yi ba, wata magariba muna cikin layin motoci a Njimtilo, fitilu suka dushe, alamar ABS ta kama, can sai jar alamar batir. Baba ya ce, "Kai da kiɗanka, ga shi nan."

Na ɗauka batir ne ya mutu. Mai wayarin ya ce in dakata da saye, ya yi min lissafi.

Batir tayar da mota ne aikinsa. Da inji ya tashi, altanato ke ciyar da komai, yana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Namu an rubuta 70A a jikinsa, wato amfiya 70 ne iyakarsa, shi ma sai inji na gudu. A silo, kamar rabin haka yake bayarwa, kuma zafi na ƙara rage shi, ga shi zafin garinmu a watan Afrilu yana wuce digiri 40.

Fitilun asali da fankar AC da famfon mai da sauransu na cin kusan amfiya 40 da dare. Fitiluna huɗu wat 400 ne, a raba da bolt 14, kusan amfiya 29 ke nan. Sautin idan na ƙure shi, wajen 20. Jimilla kusan 90 a kan mai iya 70. Giɓin daga batir yake fita, wutar motar ta yi ƙasa, shi ya sa ABS ta fara kuka alhali birki lafiya lau. Jar alamar kuwa ba ta kama ba sai da altanaton ya ƙone saboda aiki ba hutu.

Ku 'yan uwa da ke Legas ko Onitsha, go-silo ya fi namu, don haka ku gwada da mita a kan batir. Inji a kashe, wajen 12.6. A kunne, tsakanin 13.8 da 14.4. Sai a kunna komai, a ɗan taka totur: idan ya kasa kai 13, kaya sun fi ƙarfinsa. Kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai gwaji, yana iya ƙona kwakwalwar mota.

Babban batir ba ya magance wannan, jinkirta mutuwar kawai yake yi. Mu dai an gyara altanaton, na cire fitilu huɗun na sa LED biyu masu cin ƙasa da amfiya 6, aka ja musu waya daga batir da fis da rile nasu. Amfilifayar tana ɗakina, Baba ya hana.