Wasiƙar Mai Raunin Gani Zuwa Ga Manaja: Abin Da Za A Roƙa Da Yadda Za A Roƙe Shi

Akwai mutanen da ba makafi ba ne, amma ko an yanka musu tabarau ganinsu ba ya komawa daidai. Likitocin ido sukan sa mutum a wannan rukuni idan idonsa mafi lafiya bai kai 6/18 ba, wato abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga nisan mita 18, shi ko daga mita 6 ba ya iya karanta shi. Irin wannan ma'aikaci yakan daɗe yana ɓoye damuwarsa, yana manna fuska a allon kwamfuta, har kurakurai su fara tona shi. Gara ya rubuta wa manaja kafin a kai nan.

A ce wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ce a wani kamfani a Kano, ciwon suga ya taɓa mata bayan ido. Tsakiyar ganinta ya yi hazo, 3 da 8 suna rikice mata a Excel, kuma da magariba ta yi ba ta ganin gefen titi sosai. Ba sai ta zayyana tarihin ciwonta ba, domin manaja ba likita ba ne. Abin da yake buƙatar sani shi ne wane aiki ne ya yi wuya, kuma me zai gyara shi. Za ta iya buɗewa da cewa: "Ranka ya daɗe, ina da raunin gani wanda tabarau ba ya gyarawa, ga takardar likita a haɗe. Ina iya yin duk aikina, sai dai ƙananan lambobi suna ba ni wahala. Abu biyu nake roƙo."

Na farko shi ne manhajar ƙara girman rubutu. A nan ya kamata ta faɗi suna, kada ta ce "a taimaka mini da na'ura" ta bar manaja yana lalube. Windows yana da tasa kyauta, sunanta Magnifier. Maɓallin `Windows` tare da `+` yana buɗe ta, `Windows` tare da `Esc` yana rufewa, `Ctrl+Alt+I` kuma yana juya launuka, rubutu ya koma fari a kan baƙi, wanda ke rage wa wasu ɗaukar ido. Akwai ta kuɗi irin ZoomText mai ƙarin dabaru, amma wannan sai an sayi lasisi, kuma sai masu kula da kwamfutocin ofis sun yarda an saka ta.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙara girma yana cin fili. A 200%, kashi ɗaya cikin huɗu na shafin kawai za ta gani a lokaci guda. A 400% ya koma ɗaya cikin goma sha shida, sai ta riƙa yawo a shafi tana neman kan layi, ta ga lamba ba ta ga sunan mai ita ba. Shi ya sa nake ganin ya dace wasiƙar ta haɗa da roƙon babban allo, mai inci 27 misali, domin girman allon zai ba ta damar tsayawa a 200%. Haka kuma manhajar ba ta kowa ba ce. Wanda ganinsa na gefe ya tafi, kamar yadda gilakoma ke yi, ƙara girma na iya dagula masa lamari. A fara gwadawa a asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kafin a sa kamfani ya kashe kuɗi.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan ne manajoji suka fi ja da baya, don suna jin kamar ragin aiki ake nema. Saboda haka ta kawo lissafi: "Maimakon 8:30 zuwa 5:30, ina roƙon in riƙa zuwa 7:30 in tashi 4:30. Awannin ba su ragu ba." Dalilin a fili yake. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Kano da misalin ƙarfe shida, ga hazon hunturu, ga cunkoson yamma, ga tsallaka titi bayan an sauka daga adaidaita. Ta kuma ambaci ranakun asibiti da yadda za ta rama su.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, tana bayanta, kuma jimla ɗaya ta isa a kanta. Abin da ya fi saurin jawo sa hannu shi ne ta ba da wa'adin gwaji, wata ɗaya misali, sannan a zauna a duba ko kurakurai sun ragu kuma rahoto yana fita a kan kari. Ta sa kwanan wata, ta aika kwafi ga sashen kula da ma'aikata, ta riƙe nata, ta kuma nemi amsa a rubuce, domin idan an canza manaja gobe, takardar ce wanda ya gaje shi zai tarar a fayil.